Gemu, Zanen Jiki, da Neman Aiki a Ingila

Jama'a, kullum in yaranmu na zango da ke Ingila suka aiko da hoto, abin da dattawa ke fara dubawa shi ne haɓa. In da gemu, sai a ce yaro bai lalace ba. In kuwa aka hangi zanen tawada a dantse, ko ɗan kunne, to, ranar uwarsa ba ta barci. Amma mai ba da aiki a can ba haka yake awo ba, ya kamata kuwa mu san irin mudunsa kafin mu yanke wa yaro hukunci.

Ga misali daga sojan ƙasa na Ingila. Tun 2014 suka yarda a ɗauki mai zane a bayan hannu ko a ƙeya. Gemu kuwa, sai 2024 aka sakar wa kowane soja, shi ma da sharaɗin ya zama gyararre, kada ya wuce kamar inci ɗaya. Kafin nan sai mai uzuri, kamar na addini ko na ciwon fata. Watau abin da muke ƙyama ya riga abin da muke girmamawa shiga bariki da shekara 10.

A wajen shari'a kuwa gemu ya fi ƙarfi. Dokar daidaito ta 2010 ta hana a cuci ma'aikaci saboda addininsa. Idan kamfani ya ce kowa ya aske, Musulmin da ya tsayar da gemu don sunna yana da bakin ƙara, sai fa kamfanin ya kawo hujja mai nauyi. Zanen ado da huji ba su da wannan gata. Mai kanti na iya cewa a rufe zane da dogon hannun riga, kuma galibi a gidajen sarrafa abinci sai an cire ɗan kunne, don kada ya faɗa cikin kaya.

To, wace hujja ce mai nauyi? A nan ne yaranmu suka fi tuntuɓe. Mu ɗauka yaro ya sami aikin yanka dutse ko kankare a wurin gini. Ƙurar nan in ta daɗe tana shiga ƙirji takan busar da huhu, ba ta kuwa da magani. Saboda haka dole ya sa takunkumi, irin wanda ake kira FFP3. Shi wannan amfaninsa duka a bakinsa yake, inda ya manne da fata. Gashi yana ɗaga shi, iska kuwa ba ta bin mataci in ta sami kafa. Ko tsiron kwana ɗaya ko biyu yana rage masa aiki, balle cikakken gemu.

Ba a barin abin ga gardama, gwadawa ake yi. A sa wa yaro takunkumin, a kifa masa wata babbar hula har kafaɗa, a fesa ruwa mai ɗaci ko mai zaƙi a ciki. Sa'an nan ya yi numfashi, ya ja dogo, ya juya kai dama da hagu, ya ɗaga ya sunkuyar, ya yi magana, ya duƙa, kowanne kamar minti ɗaya. In ya ji ɗanɗano a harshe, ya faɗi. Mai gemu ma yawanci ba a ko fara gwada shi.

Nan ne wani ke zuciya ya ajiye aiki, wani kuma ya aske a ɓoye ya daina aiko da hoto. Mu dai a ganinmu duka biyu gaggawa ce. Akwai wata hula mai rufe kai da fuska, da ɗan inji mai batir da ake ɗaurawa a ƙugu, yana tace iska yana turowa ciki. Ita ba ta bukatar mannewa da fata, don haka gemu bai dame ta ba, ba a kuma yi mata wancan gwaji. Ta fi tsada nesa, sai an riƙa cika batir ana sauya mataci, amma a dokar can kayan kare lafiya mai aiki ne ke saye, ba a cire wa ma'aikaci ko sisi. Abin da ya kamata yaro ya yi shi ne ya rubuta wa shugabansa takarda cikin ladabi, ya ce gemunsa na addini ne, ya roƙi wannan hula, ya kuma ajiye kwafe. Ba kowane aiki take shiga ba, 'yan kwana-kwana masu kutsawa cikin hayaƙi dole su aske inda abin fuskarsu ke kamawa.

Game da zane, wani yaro zai ce ai ga Baba da tsagar Gobirawa har kunne. Baba yana jariri wanzami ya tsaga shi, ba a tambaye shi ba, kuma yau iyaye ƙalilan ne ke yi wa 'ya'yansu. Malamanmu sun hana zanen tawada na dindindin, sun halatta lalle. Wanda ya riga ya yi kuwa, cirewa da hasken inji na ɗaukar zama da yawa, da makonni tsakanin kowane zama, kuma a baƙar fata yakan bar tabo. A nemi likitan da ya saba da fatarmu kafin a biya kuɗi.