Kyandirin Heikin-Ashi: Zanen da Ke Ɓoye Hayaniyar Kasuwa da Farashinta

Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar cinikin hannun jari ko kuɗin ƙasashen waje ya ga jerin sanduna kore da ja da ake kira kyandirori. Daga Japan salon ya fito, kuma ana danganta tushensa da Munehisa Homma, ɗan kasuwar shinkafa na ƙarni na 18. Littafin Steve Nison na 1991 ne ya yaɗa shi a ƙasashen Yamma. Kowane kyandir yana ɗauke da lambobi huɗu na wani lokaci, a ce yini guda: farashin buɗewa, mafi tsada, mafi araha, da na rufewa. Tsakanin buɗewa da rufewa shi ne jikin kyandirin, siraran layukan sama da ƙasa kuma lagwaninsa. Idan an rufe sama da yadda aka buɗe sai ya fito kore, idan ƙasa ne ya fito ja.

Matsalar ita ce ko farashi yana hawa ne, ba ya tafiya a miƙe. Kore biyu, ja ɗaya, kore, ja, har mai kallo ya tsorata ya sayar tun tafiya ba ta yi nisa ba. Don rage wannan hayaniya ake amfani da Heikin-Ashi, wanda ke sake lissafa lambobin huɗu kafin ya zana su:

```
HA_Close = (Open + High + Low + Close) / 4
HA_Open  = (HA_Open[1] + HA_Close[1]) / 2
HA_High  = max(High, HA_Open, HA_Close)
HA_Low   = min(Low, HA_Open, HA_Close)
```

Alamar [1] tana nufin kyandirin da ya gabata. Layi na biyu shi ne ƙashin bayan abin. Sabon kyandir ba ya farawa daga inda kasuwa ta buɗe, daga tsakiyar jikin na jiya yake tashi, shi ma na jiyan daga tsakiyar na shekaranjiya. Ke nan kowane kyandir yana goye da na bayansa, nauyin yana raguwa da rabi a kowane mataki. Shi ya sa launi ɗaya kan jera kwanaki ba tare da ya katse ba.

Mu ɗauki misali da lambobin da muka ƙaga. Jiya kyandirin Heikin-Ashi ya buɗe a 100 ya rufe a 108, don haka na yau zai buɗe a 104. A kasuwa kuwa yau an buɗe a 112, an taɓa 113, an gangaro 105, an rufe a 106. Kyandir na gama-gari ja ne, domin wanda ya saya da safe ya yi asarar shida kafin magariba. Amma idan aka tara lambobin huɗu za a sami 436, a raba huɗu ya ba da 109. Daga 104 zuwa 109, kore ke nan.

Abin bai tsaya nan ba. Tunda 104 ya fi 105 ƙanƙanta, shi ne zai zama ƙasan kyandirin, wato babu lagwani a ƙasa ko kaɗan. Kore marar lagwanin ƙasa kuwa shi ne abin da masu wannan salo suke karantawa a matsayin hawa mai ƙarfi, a ranar da farashi ya wuni yana zubewa. Kuma babu wanda ya saya ko ya sayar a 104 a ranar.

Washegari a ce an buɗe a 106, an taɓa 107, an faɗa 99, an rufe a 100. Heikin-Ashi zai buɗe a 106.5 ya rufe a 103. Yanzu ne ya yi ja, bayan farashi ya sauko daga 112 zuwa 100. Wannan jinkiri shi ne kuɗin da ake biya don samun zane mai lumana. Haka nan giɓin da kan bayyana idan kasuwa ta kwana a wani farashi ta wayi gari a wani, ba a ganinsa sam.

A ganina amfaninsa na gaskiya ɗaya ne: yana taimaka wa mai saurin firgita ya riƙe abin da ya saya yayin da kasuwa ta ɗauki doguwar hanya. Idan kuwa tana kai-komo ne a wuri guda, sai jikin kyandirori ya ƙanƙance, lagwani ya fito sama da ƙasa, launi ya riƙa juyawa a makare, mutum ya yi ta saye da tsada yana sayarwa da araha.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen gwada dabarar ciniki a kan tarihin farashi. Idan manhaja ta ɗauka an saya a 104 ɗin nan, za ta nuna ribar da ba za a taɓa samu ba, shi ya sa TradingView ke gargaɗi kan irin wannan gwaji. Gane hakan ba wuya: a duba farashin da gwajin ya ce an saya, a kwatanta da kyandir na gama-gari na wannan lokacin. In bai yi daidai da farashin da kasuwa ta bayar ba, sakamakon na bogi ne. Umarnin sayarwa don tsayar da asara ma a kan farashin kasuwa ake sa shi, domin dillali da shi yake aiki.