Sabon Reshe: Yadda Ake Rubuta Sanarwar da Edita Zai Ɗauka

Ƙaramin kamfani kan kashe kuɗi wajen kama shago da fenti da allon suna, amma idan aka zo sanar da 'yan jarida sai a aika takarda cike da kirari. Edita kuwa labari yake nema. Da ya ga yabon kai, zai ce wannan talla ce, a je a biya kuɗinta. Don haka sanarwar manema labarai mai kyau ita ce wadda za a iya bugawa a jarida irin Aminiya, ko a karanta a rediyo, ba tare da an sake mata zubi ba.

A ce wani gidan burodi na Kano zai buɗe reshe a Zariya. Kan labarin ya zama jimla ɗaya mai ɗauke da aiki: "Gidan burodi na Kano zai buɗe reshe a Zariya, zai ɗauki ma'aikata 15." A ainihin sanarwar, sunan kamfanin ne zai zo a farko. Ka ga an faɗi wanda ya yi, da abin da ya yi, da abin da jama'a za su samu. "Albishirinku mutanen Zazzau!" bai gaya wa edita komai ba.

Sakin layi na farko ya amsa wa, me, ina da yaushe: reshen yana Sabon Gari, a kan titi kaza, za a buɗe ranar Asabar da ƙarfe 10 na safe. A rubuta cikakken kwanan wata, kada a ce "gobe", domin ba a san ranar da takardar za ta isa hannun edita ba. Sauran bayani, kamar shekarar kafa kamfanin da yawan rassansa, ya biyo baya. Idan fili ya yi kaɗan, daga ƙasa ake yankewa, shi ya sa ake jera bayanai bisa nauyinsu.

Maganar shugaban kamfani ita ce wurin faɗin dalili. "Muna farin ciki matuƙa" kowa na iya faɗa. Gara ya ce: "Kullum sai motarmu ta baro Kano da asuba, burodin ya iso Zariya ya huce. Yanzu a nan za mu gasa." A sa cikakken sunansa da muƙaminsa, kuma ya ga maganar ya amince kafin a aika.

Duka kada ya wuce shafi ɗaya. A ƙasa a sa lambar wayar wanda zai ɗauka idan an kira, a haɗa da hoton shagon, a aika ana saura kwana uku ko huɗu. Kafin nan a sake duba kowane adadi: idan an rubuta ma'aikata 15 alhali 6 aka ɗauka, ɗan jaridar da ya zo ya ƙirga ba zai ƙara yarda da takardar kamfanin ba.