Matsakaicin Ciniki Ba Tare da Sifili Ba

Mai shago ya rubuta cinikin kwana biyar a B2 zuwa B6: 4000, 0, 6000, gurbi wayam, sai kalmar "hutu". AVERAGE zai ba shi kusan 3333, domin yana ƙirga sifilin nan a matsayin ranar ciniki. Maganinsa:

```
=AVERAGEIFS(B2:B6,B2:B6,">0")
```

Amsa ta koma 5000. Sharaɗin ">0" lamba kaɗai yake dubawa, don haka gurbi da rubutu sun fita da kansu.

Amma a kula: idan an shigar da 6000 a matsayin rubutu, Excel zai tsallake ta shiru, amsa ta zama 4000. Galibi za ka gan ta maƙale a hagun gurbi. In kuwa babu lambar da ta haura sifili, #DIV/0! zai fito.