Daƙiƙa Takwas da Suka Ci Rayuka

Tsakanin 1985 da 1987, na'urar gashin kansa mai suna Therac-25 ta ƙona majinyata shida a Amurka da Kanada, wasu har lahira. A garin Tyler na jihar Texas, rige-rige ne a cikin manhajar ya jawo masifar.

Sassa biyu ne ke aiki lokaci guda: ɗaya na karɓar umarnin ma'aikaciya, ɗaya na saita maganaɗisu, aikin da ke cin daƙiƙa takwas. Idan mai saurin hannu ta gyara umarni kafin a kammala, sashe na biyu ba ya ganin gyaran, sai haske mai tsananin ƙarfi ya dira kan majinyaci. Mai nawa kuwa ba ta taɓa gamuwa da matsalar, shi ya sa gano ta ya yi wuya.

Maganin shi ne kwaɗo: mai taɓa bayanai ya kulle, sauran su jira. Amma idan sassa biyu kowanne ya riƙe kwaɗon da ɗan'uwansa ke nema, aiki ya cije ke nan. Don haka masana ke tsara ɗaukar kwaɗuna bi da bi, ko su jera buƙatu a layi, sashe guda ya riƙa biyan su ɗaya bayan ɗaya.