Idan Biya Ya Tsaya, Yaushe Mai Mota Zai Iya Ƙwace Motarsa?

Motocin haya da adaidaita sahu da yawa da ke kai-kawo a titunan Kano da Kaduna ba na direbobinsu ba ne tukuna. Wani mai kuɗi ko kamfani ne ya saya, ya miƙa wa direba bisa sharaɗin ya riƙa biya mako-mako ko wata-wata, in ya kammala abin ya zama nasa. A idon doka, kafin biyan ƙarshe direban ɗan haya ne kawai. Shi ya sa ba shi da ikon sayar da motar ko jinginar da ita, ko da saura biya ɗaya.

Rigima tana tashi ne ranar da biya ya tsaya. Mai mota yakan tura yaransa su tare direba a tasha su karɓe makulli, yana ganin ai kayansa ne. Dokar Najeriya ta 1965 da ta tsara irin wannan ciniki ba ta sakar masa mara haka ba.

A ɗauki misalin bas da aka yi yarjejeniya a kan naira 5,000,000. Direba ya ajiye 1,000,000 na farko, sauran kuma 200,000 duk wata har wata 20. Iyakar da doka ta shata wa ababen hawa ita ce kashi uku cikin biyar na jimillar kuɗin, wato 3,000,000 a nan, kuma har da abin da aka ajiye tun farko ake lissafawa. Ke nan a biya na 10 direban ya kai iyakar. Idan ya gaza a wata na 7, mai mota na iya soke yarjejeniya ya ɗauke motarsa kamar yadda takarda ta ba shi dama. Amma idan a wata na 12 ya gaza, hanyar ƙwace ta toshe, sai dai a je kotu.

Wanda ya yi gaban kansa bayan an haye iyakar nan ya jawo wa kansa asara babba. Yarjejeniyar ta mutu nan take, direban ya kuɓuta daga sauran bashin, kuma yana da haƙƙin neman a mayar masa da duk abin da ya taɓa biya. Mai bas ɗin da ke bin 200,000 sai ya wayi gari ana bin sa fiye da miliyan uku.

Dokar ta bar wa mai mota ƙofa ɗaya. Idan biya uku ko fiye suka taru ba a kawo ba, yana iya ɗauke motar ya ajiye a wurin da ke hannunsa don kada ta lalace, har kotu ta yanke hukunci. Ajiya ce kawai. Ba zai sayar ba, ba zai ba wani direba ya ci gaba da lodi ba, kuma ɓarnar da ɗaukewar ta jawo tana wuyansa.

Mai injin casar shinkafa ko injin buga takardu kuwa lamarinsa daban ne. In ban da ababen hawa, dokar ta 1965 ta shafi kayan da kuɗinsu bai wuce naira 2,000 ba ne kaɗai, adadin da yau ba zai sayi ko belin injin ba. Saboda haka kariyar ba ta kai gare shi, abin da ya sa wa hannu shi ne zai hukunta shi. Idan takardar ta ce a ɗauke inji da zarar an tsallake biya ɗaya, to ana iya ɗaukewa ko da ya biya kaso mafi tsoka.

Akwai kuma hayar kayan aiki zalla, wadda kamfanoni ke yi da janareta, taraktoci da manyan motoci, bankunan Musulunci kuma ke kira ijara. A nan kuɗin da ake biya na amfani ne, mallaka tana wurin mai kaya, saboda haka babu zancen kashi uku cikin biyar. Dokar hayar kayan aiki ta 2015 ta kafa hukumar da ke rajistar irin waɗannan yarjejeniyoyi. Ta kuma shimfiɗa matakan karɓe kaya: a aika wa ɗan haya sanarwar saɓa alkawari a rubuce, a ba shi wa'adin gyarawa, in ya ƙi a soke yarjejeniya, in ya hana kayan a nemo umarnin kotu. Bayan karɓe kayan, mai su na iya bin kuɗin hayar da suka taru da diyyar lalacewar da ta wuce tsufan aiki na yau da kullum.