Ban Ruwan Kankare: Nazari a kan Ginin Rani a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Zariya ta ratsa Hunƙuyi, ko kuwa ya zaga garuruwan Maƙarfi da Ikara bayan an kawar da amfanin gona, zai ga cewa ginin ƙasa, wanda kakanninmu suka ƙware a kansa, yana ta ja da baya, bulo da kankare suna maye gurbinsa. Dalilin da ya sa aikin ya fi yawa da rani a fili yake, domin a lokacin ne kuɗin masara da rake da tumatir suke shiga hannun manomi. Sai dai wannan lokaci, daga hunturu zuwa bazara, shi ne mafi sharri ga ɗanyen kankare, kuma a nan ne ilmin da aka gada daga ginin ƙasa yake yaudarar mutane, saboda tubali da rana yake yin ƙarfi, alhali kuwa kankare da ruwa yake yinsa.

Haƙiƙanin al'amarin shi ne, idan ruwa ya sadu da garin siminti, sai su haɗu su haifar da wani abu sabo mai danƙo, wanda yake tsirowa sannu a hankali cikin ƙananan kafofin da ke tsakanin yashi da tsakuwa har ya ɗaure su, kuma wannan tsiro ba ya ci gaba sai muddin akwai laima a ciki. Da zarar laimar ta sauka ƙasa da kimanin kashi 80 cikin ɗari, aikin ya kusa tsayawa, sauran garin kuma ya zauna a banza tamkar ƙura. Shi ya sa masana suka yi ittifaƙi a kan auna ƙarfin kankare ranar da ya cika kwana 28. Wanda aka riƙe da danshi yakan sami wajen kashi biyu bisa uku na ƙarfin nan a kwana 7, amma wanda aka bar wa iska tun ranar farko yakan tsaya a wajen rabin abin da zai kai da an daɗe ana shayar da shi.

Bari mu ɗauki misalin dekin shago mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, kaurin santimita 15. In an yi kwaɓin da aka saba, wato kwanon sarki 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, zai ci buhu wajen 15, kowane buhu da jarkar ruwa mai lita 25, jimla lita 375. To, a ranar da iska ke kaɗawa busasshiya, rana kuma ta take, fuskar dekin tana iya asarar lita guda a kowane murabba'in mita cikin sa'a guda, ma'ana kafin la'asar kusan rubu'in ruwan kwaɓin ya bi iska. Fuskar sai ta tsuke alhali cikin bai tsuke ba, ta tsattsage tun kafin lebura ya wanke shebur. Kuma tun da wannan fatar ta sama ita ce take kare rodi, ruwan damina zai sami hanya ya kai gare shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya ɓamɓare kankaren bayan 'yan shekaru, lokacin da ba wanda zai tuna da ban ruwan da aka yi wa sakaci.

Magani ba shi da wuya. Da zarar fuskar ta kama yadda yatsa ba zai lotsa ta ba, sai a kewaye gefen dekin da ɗan tudun yashi da siminti, a cika shi da ruwa kamar fangalin lambu, a kiyaye shi haka aƙalla kwana 7. Ginshiƙi kuwa, da yake ruwa ba ya zama a jikinsa, a jinkirta cire katakonsa, sa'an nan a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, a lulluɓe da leda. Yayyafin safe da yamma da yawancin birkiloli suka dogara da shi, a ganina, kwantar da hankalin mai gida kawai yake yi, domin a watan Maris bai fi sa'a guda ba ya bushe. Kada kuma a ce za a ƙara ruwa cikin kwaɓi don a huta da ban ruwa. Wani masani mai suna Duff Abrams ya tabbatar tun 1918 cewa yawan ruwan kwaɓi rage ƙarfi yake yi.

Mai son sanin halin da gininsa yake ciki ya karce fuskar da ƙusa: in ta yi gari, ko shara tana tayar da ƙurar siminti, ƙishirwa ta riga ta yi ɓarna. Asalin sakacin kuwa ya fi alaƙa da kuɗi bisa ga jahilci, gama da rani rijiyoyi sun ja baya, 'yan ga-ruwa sun ƙara farashi, birkila ya karɓi ladarsa ranar zubi ya wuce wani aikin, masu buga bulo kuma suna sayar da shi yana ɗanye saboda masu saye sun yi layi. Abin da ya kamata shi ne a sanya ruwan mako guda da ladar mai zuba shi cikin lissafi tun ranar da ake cinikin siminti, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin magini sai kwana bakwan sun cika.