Kalmomin Turanci huɗu masu rikita marubuta da yadda ake bambance su

A Turanci akwai kalmomin da furucinsu ɗaya ne, amma rubutu da ma'anarsu sun sha bamban. Daga cikinsu akwai stationary da stationery, sai kuma principal da principle. Manhajar gyaran rubutu ba ta cika kama kuskurensu ba, domin kowace daga cikinsu halastacciyar kalma ce.

A ɗauka wani ɗan kasuwa a Bulkachuwa, cikin ƙaramar hukumar Katagum ta jihar Bauchi, yana neman kwangilar kai littattafan rubutu da bairo wata makarantar sakandare. Idan ya buɗe wasiƙarsa da "The Principle", ya kuma ce zai kawo "stationary", to ya aika wa ƙa'ida wasiƙa, ya yi alƙawarin kawo abin da ba ya motsi. Daidai shi ne "The Principal" da "stationery".

Stationary sifa ce ta abin da ke tsaye cak, kamar motar da ta lalace a gefen hanyar Azare. Stationery kuwa suna ne na kayan rubutu: takarda, ambulan, tawada da fensir. Ba a yi masa jam'i, don haka "stationeries" da ake gani a allunan shaguna ba daidaitaccen Turanci ba ne. Tushen kalmomin biyu ɗaya ne. A Ingila ta dā, mai sayar da littattafai da ya kafa rumfa wuri guda, maimakon yawon talla, shi ake kira stationer, kayansa kuma suka gaji sunan.

Dabarar da aka fi koyarwa ita ce a tuna "e" na envelope. Sai dai tana iya yaudarar Bahaushe, tunda ambulan da "a" ta fara. Ya fi sauƙi a tuna cewa paper na ƙarewa da "er" kamar yadda yake a stationery, car kuma da "ar" kamar a stationary.

Principal na nufin shugaban makarantar sakandare, ko abin da ya fi muhimmanci, ko uwar kuɗi. Wanda ya ranci naira 50,000, wannan adadin shi ne principal, ban da kuɗin ruwa. Principle kuwa ƙa'ida ce ko aƙida, kamar ƙa'idar daidaita rabon muƙamai tsakanin sassan Najeriya da ke sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999.

A nan sai a tuna Alhaji: "al" na mutum da kuɗi ne, shi ne ƙarshen principal. Rule, wato doka, na ƙarewa da "le" kamar principle.

Akwai kuma gwajin nahawu. Principle suna ne a koyaushe, ba ya zama sifa. Saboda haka idan ana nufin "babban dalili", principal reason za a rubuta.